Gurbi 16, harafi 15: lissafin layi mai zagaye a cikin kwamfuta

Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a shekarar 1981, wadda akasarin kwamfutocin tebur na yau jikokinta ne, tana da wata ɗabi'a da duk wanda ya yi aiki da ita ya sani. Idan ta shagala da wani aiki, mutum kuma ya ci gaba da danna haruffa a kibod, sai ta riƙa karɓa shiru har harafi 15. Daga na 16 sai ta fara ƙara, kuma duk abin da aka danna bayan nan ya tafi a banza. Wurin da aka ware wa waɗannan haruffa a ƙwaƙwalwarta bayit 32 ne, kowane danni yana cin bayit 2, wato akwai gurbi 16 cur. To ina gurbi ɗaya ya shiga? Ba kuskure injiniyoyin suka yi ba. Da gangan suka bar shi fanko, kuma wanda ya fahimci dalilinsu ya fahimci kusan komai game da layi mai zagaye.

Matsalar da ake son warwarewa tsohuwa ce. Akwai mai kawo bayani, akwai mai ɗauka, kuma saurinsu ba ɗaya ba ne. Kibod na kawo harafi a lokacin da ya ga dama, manhaja kuma sai ta sami sarari take waiwayowa. Dole a sami wurin da haruffan za su jira, kuma su fita yadda suka shigo, wanda ya riga zuwa shi zai riga fita. Wurin jiran nan jeri ne na gurabe a ƙwaƙwalwa, kowane gurbi da lambarsa, ana fara ƙirgawa daga 0. Girmansa kuma an yanke shi tun farko, ba ya ƙaruwa, domin a ƙananan na'urori babu inda za a samo ƙari. Allon Arduino Uno, wanda ɗalibai da yawa ke koyon wannan sana'a da shi, gaba ɗaya ƙwaƙwalwar aikinsa bayit 2048 ce.

Dabarar da ke fara faɗo wa mutum a rai ita ce a yi kamar layin mutane: in aka cire na gaba, kowa ya matsa gurbi ɗaya. Tana aiki, sai dai da tsada. Layin da ke da abu 1000, duk cirewa guda sai an kwashe 999 an matsar. Dabara ta biyu ita ce kada kowa ya matsa, a riƙa tuna lambar gurbin da ke gaba kawai. Wannan ba ta da tsada, amma layin zai yi ta rarrafe zuwa ƙarshen jeri har ya ci karo da bango, alhali gurabe na nan fanko a baya.

Maganin yana wurin mai waina. Tandarta ramukanta ƙididdigaggu ne. Tana zuba ƙullu rami bayan rami, tana kwashe wanda ya riga nuna, in ta kai rami na ƙarshe sai ta zagayo na farko, wanda ta riga ta kwashe. Ba ta taɓa matsar da waina daga wannan rami zuwa wancan, hannunta ne kawai ke zagayawa. Haka ake yi da jerin. Ana riƙe lamba biyu. Ɗaya ita ce kai, wato gurbin da za a ɗauka nan gaba. Ɗayar ita ce wutsiya, wato gurbin da za a zuba sabon abu. Duk wadda ta wuce gurbi na ƙarshe sai ta koma 0. A lissafi ana yin wannan da ragowar rabawa, wanda a yaren C ake rubutawa da alamar `%`. In gurabe 8 ne, 7 da 1 sun zama 8, a raba 8 da 8 ragowar 0 ce, an dawo farko ke nan.

Inda kwatancin ya tsaya shi ne, mai waina tana da ido. Kallo ɗaya za ta yi ta san tandar a cike take ko babu komai. Kwamfuta ba ta ganin jerin, lambobin nan biyu kawai take da su. Kallon gurbin ma ba zai taimaka mata ba, domin cire abu daga layi ba ya goge shi. Harafin na nan zaune a gurbinsa, kai ne kawai ya wuce shi, sai ranar da wutsiya ta zagayo ta rubuta wani a kansa. Shi ya sa masu rubuta manhaja a zamanin DOS, in suna son share haruffan da ke jira, ba sa taɓa haruffan: lambar kai suke mayarwa daidai da ta wutsiya, shi ke nan layi ya zama ba kowa.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki, da gurabe 8, daga 0 zuwa 7. Da farko kai 0, wutsiya 0, babu komai. Mutum ya rubuta KANO. Haruffan sun zauna a gurbi 0, 1, 2 da 3, wutsiya ta koma 4. Manhaja ta waiwayo ta ɗauki K da A, kai ya koma 2, saura N da O. Sai aiki ya sake ɗauke mata hankali, mutumin kuma ya rubuta DAURA. D ya shiga gurbi 4, A ya shiga 5, U ya shiga 6, R ya shiga 7. Wutsiya ta kai bango ta zagayo, A na ƙarshe ya zauna a gurbi 0, inda K yake ɗazu. Yanzu wutsiya tana 1, kai yana 2, harafi 7 ke jira, gurbi 1 ne kaɗai ya rage.

A ce an ƙara harafi ɗaya aka cike gurbi 1. Wutsiya za ta matsa zuwa 2, ta tarar da kai a can. Ga harafi 8 na jira, amma lambobin biyu sun zo daidai, kamar yadda suka zo daidai tun farko sa'ad da babu komai. Manhaja ta dawo ta duba, ta ga kai daidai da wutsiya, ta ce ba kowa, ta yi tafiyarta. Sabon harafi in ya zo sai ya hau kan N. Haruffa takwas sun salwanta ba tare da wata alama ba.

Wannan ba sakacin mai rubutu ba ne da za a gyara da ƙarin kulawa. Ƙarancin lissafi ne. Jeri mai gurbi 8 yana iya kasancewa a hali 9: babu komai, abu 1, abu 2, har zuwa abu 8. Tazarar da ke tsakanin kai da wutsiya a kan zagaye kuwa ƙima 8 kawai take iya ɗauka, daga 0 zuwa 7. Hali tara ba za su shiga suna takwas ba, dole biyu su raba suna ɗaya, kuma biyun da suka raba su ne mafi nisa da juna, cike da fanko. Saboda haka mafita iri biyu ce kawai a asali: ko a rage hali ɗaya, ko a ƙara wani bayani da zai raba gardama.

Injiniyoyin IBM rage hali suka yi. Sun haramta wa layin ya cika har baki. Kafin a zuba komai sai a tambaya, in wutsiya ta matsa gurbi ɗaya, za ta taka kai? In za ta taka, layi ya cika, a mayar da sabon abu. Da wannan doka, kai da wutsiya ba sa haɗuwa sai in babu komai, gardama ta ƙare. Ga shi a rubuce:

```c
#define GIRMA 8
char jeri[GIRMA];
int kai = 0, wutsiya = 0;

int saka(char h) {
    int gaba = (wutsiya + 1) % GIRMA;
    if (gaba == kai) return 0;     /* ya cika */
    jeri[wutsiya] = h;
    wutsiya = gaba;
    return 1;
}

int cire(char *h) {
    if (kai == wutsiya) return 0;  /* ba kowa */
    *h = jeri[kai];
    kai = (kai + 1) % GIRMA;
    return 1;
}
```

A misalinmu, wutsiya na 1, `gaba` ya zama 2, daidai da kai, don haka harafi na takwas bai samu shiga ba, bakwai ɗin da ke ciki kuma sun tsira. A lura, gurbin da ake bari ba wani gurbi ne takamaimai ba. Yau 1 ne, anjima 5, kullum shi ne wanda ke bayan kai. Mai son sanin abu nawa ke cikin layi sai ya lissafa `(wutsiya - kai + GIRMA) % GIRMA`. A nan 1 a cire 2 a ƙara 8 ya ba da 7. Wannan ƙarin na `GIRMA` ba ado ba ne. A yaren C, `-1 % 8` yana ba da -1, ba 7 ba, kuma wanda ya manta da haka manhajarsa za ta yi lafiya lau har lokacin da wutsiya ta fara zagayowa.

Mai karanta rubutun wasu ya kuma yi hattara da sunaye. A kwamfutar IBM, kai ne wurin ɗauka, kamar yadda muka yi a nan. A manhajar Arduino da takardun Linux akasin haka ne, `head` ne wurin zubawa, `tail` wurin ɗauka. Lissafin bai canja ba, amma haɗa rabin wannan da rabin wancan yana jawo ciwon kai.

Hanya ta biyu ita ce a ƙara lamba ta uku, adadin abin da ke ciki. An saka, a ƙara 1. An cire, a rage 1. Adadi 0 ba kowa, adadi 8 ya cika, kuma duk gurabe takwas suna aiki. Ita ce mafi sauƙin bayani, ita ce kuma ɗalibai suka fi so, kuma in mai sakawa da mai cirewa ba sa shiga hancin juna ba ta da aibi ko kaɗan.

Sai dai kibod yana shiga hancin manhaja, aikinsa ke nan. Da zarar an danna harafi, na'ura takan katse duk abin da take yi, ta je ta saka harafin a layi, sannan ta dawo inda ta tsaya. Katsewar na iya faɗowa tsakanin kowane umarni biyu. Shi kuma rage 1 daga adadi, ko da yake layi ɗaya ne a rubuce, a ƙananan na'urori irin na Arduino taki uku ne: a ɗauko lambar daga ƙwaƙwalwa, a rage, a mayar. A ce adadi 5 ne. Mai cirewa ya ɗauko 5. Kafin ya mayar sai katsewa ta zo, aka saka sabon harafi, adadi ya zama 6. Mai cirewa ya farfaɗo, bai san abin da ya faru ba, ya rage 1 daga 5 ɗin da ke hannunsa ya rubuta 4. Gaskiyar lissafi 5 ce. Daga nan layi na ɓoye harafi ɗaya, kullum abin da ke fitowa yana baya da taki guda, kuma in ya zo cika zai karɓi abin da ya fi ƙarfinsa ya taka wani. Muguntar wannan cuta ita ce ba ta zuwa kullum. Na'ura na iya yin kwanaki tana aiki daidai a kan teburin gwaji, sai an kai ta wurin aiki, inda bayanai ke kwarara, ta fara haukacewa jefi-jefi. Maganinta a toshe katsewa na ɗan lokacin da ake taɓa adadi, kuma dole a tuna da yin hakan a ko'ina.

A nan ne darajar gurbin nan da aka bari take bayyana. A sake duba rubutun da ke sama. `saka` ne kaɗai ke canja wutsiya, `cire` ne kaɗai ke canja kai. Kowa na leƙa lambar ɗan'uwansa, amma ba ya rubuta ta. In mai cirewa ya ga tsohuwar wutsiya, iyakar abin da zai faru ya ɗauka ba kowa, ya dawo anjima ya samu. In mai sakawa ya ga tsohon kai, iyaka ya ɗauka an cika alhali gurbi ya samu yanzun nan. Duka kuskuren biyu ta ɓangaren taka-tsantsan suke faɗuwa. A ganina bayit ɗaya ko biyu da aka yi hasara araha ce ƙwarai a kan wannan kwanciyar hankali.

Amma da sharaɗi. Jerin umarnin cikin `saka` ba a juya shi: a fara ajiye harafi, sannan a matsar da wutsiya. In aka matsar da wutsiya tukuna, mai cirewa na iya ganin sanarwar sabon abu ya ɗauki tsohon tarkacen da ke gurbin. Haka a `cire`, a ɗauka kafin a matsar da kai. Lambobin da katsewa ke canjawa kuma ana yi musu alamar `volatile`, don kada manhajar da ke fassara C zuwa yaren na'ura ta yi wayon riƙe tsohuwar ƙima. A manyan kwamfutoci masu ƙwaƙwalwar sarrafawa fiye da ɗaya wannan alamar ba ta isa, sai an ƙara umarni na musamman da ke tilasta tsarin rubutu. Kuma duk wannan garanti na mai sakawa ɗaya ne da mai cirewa ɗaya. Da zarar masu sakawa sun zama biyu, su biyun suna rububin wutsiya, sai an kawo makulli.

Akwai hanya ta uku ga wanda ba ya son hasarar gurbi, ba ya kuma son lambar da hannu biyu ke taɓawa. Ita ce `kfifo` na Linux ke bi. Maimakon a riƙa mayar da lambobin 0 a ƙarshen jeri, sai a bar su su yi ta hawa. Ɗaya na ƙirga duk abin da ya taɓa shiga, ɗayar duk abin da ya taɓa fita. Bambancinsu shi ne adadi: 0 ba kowa, 8 ya cika. Sai lokacin taɓa jeri ake ɗaukar ragowar rabawa don a san gurbi.

```c
uint8_t shiga, fita;
uint8_t adadi = shiga - fita;
jeri[shiga % GIRMA] = h;
```

Mai lura zai ce ai lamba ba ta hawa har abada. Gaskiya ne. Mai bayit ɗaya tana ƙarewa a 255, ta koma 0. Abin sha'awar shi ne ragin ma yana zagayawa tare da ita. A ce `fita` na 253, `shiga` kuma ta riga ta tsallaka tana 3. In aka cire 253 daga 3 a cikin bayit ɗaya, amsar 6 ce, kuma in ka ƙirga da yatsa, 253, 254, 255, 0, 1, 2, abu shida ne ke jira. Kuɗin wannan hanya shi ne girman jeri dole ya zama daga dangin 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu, waɗanda ke raba 256 ba ragowa. A gwada da girma 10 a gani: 255 na faɗawa gurbi 5, lamba ta gaba 0 ce, wadda ke faɗawa gurbi 0. An tsallake gurbi huɗu, kuma abin da aka zuba a gurbi 0 na iya hawa kan wanda bai fita ba. Da lamba mai bayit ɗaya kuskuren zai fito bayan abu 256. Da mai bayit huɗu sai bayan abu sama da biliyan 4, wato watakila bayan an daɗe da sayar da na'urar.

Gane cewa layi ya cika rabin aiki ne. Sauran rabin, me za a yi? Kwamfutar IBM ta zaɓi ƙin sabon harafi da yin ƙara, kuma daidai ne, domin akwai mutum zaune da zai ji ya dakata. Rumbun saƙonnin cikin Linux, wanda ake karantawa da umarnin `dmesg`, ya zaɓi akasin haka: sabon saƙo na hawa kan mafi tsufa, tun da mai neman dalilin matsala labarin ƙarshe yake so. Wanda ya bi wannan hanya ya sani cewa mai sakawa ne zai tura kai gaba, wato lamba ɗaya ta sake komawa hannu biyu.

Arduino Uno kuwa ƙin sabon abu yake yi, amma shiru, kuma nan ne masu koyo ke shan wahala. Layin karɓar saƙonsa bayit 64 ne, yana riƙe 63 saboda dalilin da muka gani. A saurin 9600, wanda na'urorin GPS da yawa ke zuwa da shi, kowane harafi na cin ɗigo 10 a kan waya, wato harafi 960 a daƙiƙa. Layin zai cika a ƙasa da kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa. Ɗalibi ya sa `delay(100)` a manhajarsa, jinkirin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, yana ganin ba komai ba ne. A wannan ɗan lokaci harafi 96 na iya isowa: 63 su samu wuri, 33 su zube. Jimla ɗaya ta GPS na iya kai harafi 82. Alamar cutar a fili take ga wanda ya san ta: farkon saƙo na zuwa lafiya, sai ya yanke a tsakiya, wani saƙon ya manne a jikinsa. Mutum ya yi ta zargin waya ko na'urar GPS, alhali layi ne ya cika.

Ƙara girman jeri na taimakawa ne kawai idan cunkoson na ɗan lokaci ne. Lissafinsa ba wuya: saurin shigowa sau mafi tsawon lokacin da mai cirewa zai yi bai waiwayo ba, a ƙara gurbin nan guda, a ƙara ɗan rara. In kuwa mai cirewa a kullum ya fi mai sakawa nawa, ko gurbi miliyan aka ba shi zai cika, jinkirta ranar kawai aka yi.

Wanda ya rubuta nasa, kada ya gwada shi da babban jeri, domin babban jeri na ɓoye aibi. Ya mayar da `GIRMA` 4. Ya nemi cirewa tun babu komai ya ga an hana shi. Ya saka har a ƙi karɓa, ya ƙirga ko 3 ne suka shiga. Sannan ya yi ta saka biyu yana cire biyu har lambobin su zagaya sau da yawa, yana duba cewa abin da ya shiga shi ke fitowa, a kan tsarinsa. Daga ƙarshe ya maimaita gwajin cikawa a lokacin da kai yake gurbi 0 da kuma lokacin da yake gurbi na ƙarshe, don a bakin nan ne akasarin kurakurai ke laɓewa. Kuma duk inda `saka` ya dawo da 0, a sa wata lamba ta riƙa ƙirgawa. Ranar da saƙo ya zo a yanke, ita za ka fara dubawa kafin ka taɓa waya.